Gida Huɗu a Kan Allo: Wa Ke Iya Tsayar da Ginin Makaranta?

Da wuya mutum ya zaga makarantu goma a ƙasar nan bai ci karo da kangon aji ba. Wani an kai shi linta an bari, wani an rufe shi amma iskar farkon damina ta yaye kwanon, wani kuwa ko harsashi bai wuce ba, ciyawa ta cinye ramin. Idan aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce kuɗi sun ƙare ko an cinye su. Haƙiƙa hakan na faruwa. To amma akwai wani dalilin da ba a cika ambatawa ba, wato an fara aikin ba tare da an zauna an tantance su wane ne ke da hannu a cikinsa ba, da abin da kowannensu ke riƙe da shi.

Masana harkar gudanarwa suna da wata dabara mai sauƙi ta yin wannan tantancewa. Tun daga 1984, lokacin da R. Edward Freeman ya fitar da littafinsa a kan masu ruwa da tsaki, aka soma ɗaukar wannan batu a matsayin fannin nazari. A wurinsa, mai ruwa da tsaki shi ne duk wanda zai iya yi wa aiki tasiri, ko wanda aikin zai shafa. Daga baya aka samu jadawalin da ake auna waɗannan mutane a kansa, wanda akan danganta asalinsa ga Aubrey Mendelow, kuma Colin Eden da Fran Ackermann suka faɗaɗa bayaninsa a 1998. Jadawalin yana da amfani ƙwarai, sai dai yadda akasari ake koyar da shi yana sa mai aiki da shi ya saki jiki a daidai wurin da ya kamata ya yi hattara.

Yadda ake zana shi

A zana murabba'i a kan allo. Layin tsaye na gefen hagu shi ne ma'aunin iko, daga ƙasa zuwa sama. Layin kwance na ƙasa shi ne ma'aunin damuwa, daga hagu zuwa dama. Sa'an nan a raba murabba'in da layi biyu masu gittawa, a samu gida huɗu. Abin nufi da iko a nan shi ne yadda mutum zai iya tsayar da aikin, ko ya jinkirta shi, ko ya sauya masa fasali. Damuwa kuwa ita ce yadda aikin ya taɓa rayuwarsa, har ya sa ya zuba masa ido. Ba dole ba ne damuwar ta zama ta ƙauna. Wanda ginin zai toshe wa hanya yana da damuwa mai yawa, kamar yadda uban da 'yarsa za ta samu wurin zama yake da ita.

Kowane gida da irin mu'amalar da aka tanadar masa. Masu iko da damuwa duka, da ke sama ta dama, ana tafiya da su kafaɗa da kafaɗa. Masu iko amma hankalinsu na wani wuri, da ke sama ta hagu, ana kiyaye ransu don kada su fusata. Masu damuwa marasa iko, da ke ƙasa ta dama, ana sanar da su halin da ake ciki. Na ƙasa ta hagu kuwa, ido kawai ake sa musu. Wannan shi ne darasin kamar yadda yake a littattafai.

Don a ga yadda yake aiki, a ɗauki misalin wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a bakin wani gari. Tana da ɗalibai 360 da azuzuwa 6, ke nan ɗalibai 60 a kowane aji. Idan ana son a sauko zuwa 40 a aji, ana buƙatar azuzuwa 9, saboda haka sai a gina jeri ɗaya mai azuzuwa 3. Wurin da ya rage shi ne bayan makaranta, inda filin ya haɗu da wata gonar gero ba tare da katanga ko turakun iyaka ba. Can gefe akwai famfon tuƙa-tuƙa da unguwar ke sha. Shugaban makaranta da kwamitinsa su ne za su zana jadawalin.

Matakin farko shi ne a rubuta sunaye, kuma a nan ake fara kuskure, domin alƙalami yakan bi manya ya tsaya. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da hakimi, da kansila, da ɗan kwangila, duk za su shiga ba tare da an tuna wa kowa ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi abin da gini ke ci. Gini yana cin fili, da kuɗi, da izini, da ruwa, da yashi, da hanyar da tifa za ta bi, da ƙarfin leburori. A kan kowane ɗaya sai a tambaya, a hannun wa yake, kuma wa ke amfani da shi yanzu? Ta haka ne mai gonar gero zai bayyana, da 'yan garuwa, da yara da matan da ke layin famfo, da matasan da ke buga ƙwallo a filin da yamma, da mai gadi.

Mataki na biyu shi ne ba da maki. Gara a yi amfani da 1 zuwa 4 maimakon 1 zuwa 5, domin idan akwai lamba ta tsakiya, kwamiti yakan fake da ita a duk inda aka samu saɓani, a tara rabin mutane a kan layin tsakiya, jadawalin ya rasa abin faɗi. Da maki 4, dole a yanke shawara: 1 da 2 ƙasa ne, 3 da 4 sama. Tambayar iko ita ce, shin wannan mutum zai iya dakatar da aikin na mako guda shi kaɗai? Tambayar damuwa kuma, me zai sauya a rayuwarsa idan an yi ginin, ko idan an fasa? Yana da kyau kuma a sa alamar tarawa (+) a gaban wanda ke goyon baya, alamar ɗebewa (−) a gaban mai adawa, domin jadawalin shi kaɗai ba ya rarrabe masoyi da maƙiyi.

A zama na farko, abin zai fito kamar haka. Shugaban makaranta da ɗan kwangila da sakataren ilimi suna sama ta dama. Hukumar SUBEB tana da iko 4, domin kuɗi a hannunta suke, amma damuwarta 2 ce, tun da wannan jeri ɗaya ne daga cikin ayyuka masu yawa da ke gabanta. Hakimi ma haka. Ɗalibai da malamai da mai gona suna ƙasa ta dama. 'Yan garuwa da masu layin famfo da mai gadi suna ƙasa ta hagu. Jadawali ya yi kyau, kowa ya sa hannu, an naɗe takarda an sa a durowa.

Inda matsalar take

Wannan naɗewa ita ce babban laifin. Jadawalin hoto ne na rana ɗaya, alhali gini yana ɗaukar watanni, kuma a kowane mataki abin da ya fi yi masa ƙaranci daban ne. Ɗaliban nazarin halittu sun san ƙa'idar da ake dangantawa ga Justus von Liebig, cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, ko da sauran sun wadata. Iko a wurin gini haka yake tafiya. Wanda ke riƙe da abin da aikin ya fi buƙata a wannan makon shi ne mai iko a wannan makon, ko yana da rawani ko ba shi da shi.

A lokacin neman amincewa, kuɗi ne abin da ya yi ƙaranci. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa ilimin firamare da ƙaramar sakandare, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine daga hukumar UBEC sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Saboda haka a wannan mataki iko yana babban birnin jiha, kuma aikin shugaban makaranta shi ne ya sa makarantarsa ta shiga jerin ayyukan shekara. Ma'ana, yana ƙoƙarin ɗaga damuwar hukuma daga 2 zuwa 3. Adadin 60 a aji, da hoton yara a zaune a ƙasa, da rakiyar sakataren ilimi, su ne kayan aikinsa.

Ranar da aka zo da igiya da turaku don fitar da harsashi, lamarin ya juye. Yanzu fili ne abin buƙata, kuma mai gonar da aka ba maki 2 shi ne a tsaye a kan layin. Gaskiya ne cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba da damar karɓe fili don amfanin jama'a. Amma dokar nan ta tanadi diyya a kan abin da mutum ya kafa ko ya shuka a wurin, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Idan aka zo a watan Yuli, gero ya kai gwiwa, tifa ta bi ta cikinsa, an mayar da mutumin da a da zai iya yafe taku goma don albarkacin yara ya zama abokin shari'a. Bugu da ƙari, gonar gado ba kasafai take da mai ita ɗaya ba. Wanda ke nomawa yana iya amincewa, ƙanensa da ke birni ya dawo ya ce bai san zance ba. Nan take ikon wannan gida ya tashi daga 2 zuwa 4, alamar da ke gabansa ta koma ta ɗebewa.

Shawarar littafi game da wannan mutum ita ce a sanar da shi. Sanarwa ba za ta wadatar ba. Abin da ya dace shi ne tun da rani, kafin a yi shuka, a je da dagaci da mai unguwa da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, a kira magada duka, a kafa turaku a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ne kuma amfanin hakimi yake fitowa. An ajiye shi a gidan waɗanda ake kiyaye ransu, amma idan bai ji labarin aikin ba sai ranar da rikici ya kai fadarsa, zai fara da tambayar dalilin da ya sa ba a zo masa tun farko ba, kuma yana da gaskiya. Ziyara ɗaya kafin a fara, da gayyata ranar ɗora harsashi, sun isa su sa ya zama mai sasantawa ranar da aka buƙace shi.

Lissafin ruwa

Misalin da ya fi nuna rauni a gidan ƙasa ta hagu shi ne na ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, shi ya sa ake ba bulo da kankare ruwa na aƙalla mako guda bayan an buga su, kuma sai wajen kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare. A ɗauka ɗan kwangila yana buƙatar lita 2,000 a rana a makonnin buga bulo da zuba kankare. Wannan jarka 80 ke nan mai lita 25. Idan famfon yana cika jarka ɗaya cikin minti 2, leburori za su riƙe shi na minti 160, wato awa 2 da minti 40 kowace rana. Idan kuma suka zo da sassafe, sun zo daidai lokacin da gidaje ke neman ruwan girki, 'yan garuwa ke cika kurarsu ta farko.

Waɗannan mutane an ba su damuwa 1 a zama na farko, kuma makin daidai ne a lokacin, domin ginin aji bai shafe su ba. Cikin kwana uku damuwarsu za ta kai 4. Kowane ɗayansu ba shi da iko, amma idan suka haɗu suka je wurin mai unguwa, sai a wayi gari an sa wa famfo kwaɗo, ko an hana leburori ɗiba. Abin da ya fi muni shi ne, sau da yawa aikin ba ya tsayawa. Ɗan kwangila ba zai so ya sayi tankar ruwa da ba ta cikin lissafinsa ba, sai ya rage ban-ruwa, ya ɗora bulo bayan kwana biyu. Ba wanda zai kai rahoto, domin a ido gini yana tafiya. Ana iya gane irin wannan bulo da sauƙi: gefensa yana marmashewa idan an murza da yatsa, ƙusa tana kartarsa ba wuya, kuma yakan farfashe idan ya faɗo daga hannu. Rikicin bakin famfo ya shige cikin bango ya ɓuya, sai bayan damina biyu ko uku ya fito a matsayin tsaga.

Maganin ba shi da tsada idan an hango shi. Ana iya yarjejeniya da mai unguwa cewa leburori su ɗebi ruwa da tsakar rana su tara a durom, ko a ba 'yan garuwan unguwar kwangilar kawo ruwan, wanda hakan ke mayar da alamarsu ta zama ta tarawa, ko a sa kuɗin tanka a cikin takardar kwangila tun farko. Duk waɗannan suna buƙatar a sake buɗe jadawalin kafin a fara buga bulo. Ƙa'idar da ta dace ita ce a zana shi da alli ko fensir, a sake dubansa aƙalla sau huɗu: kafin neman kuɗi, kafin harsashi, kafin rufi, da kafin miƙa makullai.

Abin da jadawalin ba ya gani

Akwai wani gibi na biyu, wanda sake zane ba ya cike shi. Jadawalin yana auna wanda zai iya tsayar da aiki, ba ya auna wanda ya san wurin, ko wanda ke da haƙƙi. Mai gadi yana ƙasa ta hagu daga farko har ƙarshe, ba zai taɓa tsayar da komai ba. Amma shi ne ya kwana shekaru a harabar, ya san kwarin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san cewa guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ya kuma san rufin da ta taɓa ɗagawa. Tambayar minti goma a bakin ƙofa tana iya sa a matsar da jerin azuzuwan taku ashirin daga kwari, ko a ƙara ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin bango.

Ɗalibai kuwa, musamman 'yan mata, su ne za su zauna cikin ginin shekara uku kowannensu. Idan sabon jeri ya sa ƙofar banɗakin mata ta koma tana fuskantar tagogin ajin maza, ba za su rubuta koke ba, za su daina shiga ne, wasu su riƙa komawa gida da tsakar rana. Injiniya ba zai ga wannan a takardar zane ba. Malama ɗaya da ta zauna da su ita kaɗai za ta ji shi cikin rabin awa. Wannan gibi ne ya sa a 1997 Mitchell da Agle da Wood suka kawo wani tsari da ya haɗa iko da halacci da gaggawa. Ba lallai kwamitin makaranta ya ɗauki wannan tsari gaba ɗaya ba. Ya isa a zagaye sunan duk wanda ya san wani abu game da wurin, ko wanda zai zauna da sakamakon, a kuma nemi ra'ayinsa tun zane bai zama siminti ba, ko a wane gida ya faɗa.

Wani zai ce duk wannan boko ne kawai, ai kowane dagaci ya san wanda ake gaisarwa kafin a sa diga a ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin dattawa suna yin wannan lissafi a zuci tun kafin a rubuta shi a littafi. Sai dai lissafin zuci yana tafiya da mai shi. Ana yi wa shugaban makaranta canjin wurin aiki gini na tsakiya, wanda ya gaje shi bai san alkawarin da aka yi wa mai gona ba. Har ila yau, rubutawa tana fito da saɓanin da ke ɓoye. Idan malami ya ba kansila iko 4, wakilin iyaye ya ba shi 1, muhawarar da za ta biyo baya ta fi makin kansa amfani, domin a cikinta ne za a ji cewa ƙanin kansilan ne ke da tifar yashi.

Saboda irin wannan bayani ne bai kamata a manna takardar a allon sanarwa ba. Babu basaraken da zai ji daɗin ganin an rubuta cewa damuwarsa da makaranta kaɗan ce, kuma babu uban da zai so a rubuta cewa ba shi da iko. Takarda ce ta cikin kwamiti. Malamin da ke son ɗalibansa su gwada dabarar a aji gara ya sa su yi amfani da muƙamai na misali, ba sunayen mutanen gari ba.

Zane na ƙarshe, wato na lokacin miƙa makullai, shi ne aka fi mantawa da shi. A wannan rana damuwar ɗan kwangila tana faɗuwa, abin da ya rage masa shi ne kason kuɗin da akan riƙe na wasu watanni don gyaran duk aibin da ya bayyana. Wannan kaso ba a sakinsa sai jami'an hukuma sun tabbatar da cewa aiki ya yi, su kuwa ba sa kwana a makarantar. Waɗanda za su ga inda rufi ke yoyo, da tagar da ba ta rufuwa, da daɓen da ya fara tashi, su ne malamin aji da monita da mai gadi. Don haka sai shugaban makaranta ya ajiye littafi ɗaya, a rubuta kowane aibi da kwanan wata da lambar aji, ya miƙa kwafi ga sakataren ilimi kafin wa'adin ya cika. Idan an miƙa ginin da rani kuma wa'adin zai ƙare kafin ruwan farko, ya dace a nemi a gwada rufin da ruwan bokiti, a duba silin daga ciki, kafin kowa ya sa hannu.